Tuntuɓar abokin aiki bayan wa'adi ya wuce

A ƙarshen zangon karatu, jami'in jarrabawa a sakandare ba ya iya cike katin sakamakon ko da yaro ɗaya sai makin kowane darasi ya shigo hannunsa. A ce an yi da malamin lissafi zai kawo na aji biyar ranar Litinin, ga shi Laraba ta yi shiru kake ji, Juma'a kuma za a raba sakamako. Abu biyu jami'in yake buƙatar sani: inda aikin ya tsaya, da lokacin da zai iso.

Shi ya sa nake ganin "me ya sa" ba ta da gurbi a saƙon. Wanda aka tambaya dalili, kare kansa zai shiga yi, sai ka sha labarin rashin wuta da zazzaɓin yara, makin kuwa yana nan inda yake. Haka ma "har yanzu" da "na sha faɗa maka". A baki, fara'a kan rage musu kaifi, amma a rubuce zargi ne tsantsa.

Ga yadda zai iya rubutawa:

"Salamu alaikum Malam, barka da aiki, ya iyali? Maganar makin lissafi na aji biyar ce, wanda muka yi zai shigo Litinin. Gobe Alhamis nake so in fara cike kati saboda rabon Juma'a. Ina aka kwana? Idan an gama na wasu, a turo in fara da su. In kuma akwai abin da ya tsare, a faɗa mini mu ga yadda za a yi. Na gode."

An ambaci Litinin, domin ɓoye wa'adin ba kara ba ce, amma sau ɗaya tak. Wurin da ya fi amfani shi ne neman abin da aka gama. Sau da yawa wanda ya makara ya ci rabin aikin, kunya ce ta hana shi kawowa guntu-guntu. Wani kuma takardun wasu ɗalibai ne ba su iso gare shi ba, ya rasa yadda zai faɗa. Saƙon ya buɗe masa ƙofa.

A tura masa shi kaɗai. Zauren WhatsApp na malamai, inda shugaban makaranta yake gani, tonon silili ne komai taushin lafazin.

Idan amsa ta zo da "ana kai, in sha Allah" kawai, ba a samu lokaci ba tukuna. Sai a ce, "Madalla Malam, in sa rai kafin azahar gobe?" In an yi shiru har aka tashi aiki, a kira shi ko a same shi a ɗakin malamai washegari da safe. Idan ta kama sai an sanar da shugaba saboda rabon Juma'a zai iya rushewa, malamin ya fara ji daga bakin jami'in kafin a kai maganar sama.