Kanti mai lamba 262: yadda kwamfuta ke gane kama

A shekarar 2015 kamfanin Rossmann na ƙasar Jamus ya sa gasa a dandalin Kaggle: a yi hasashen cinikin kantunansa 1,115 na kowace rana har tsawon mako shida. An ba masu gasa jadawali mai layi sama da miliyan ɗaya, kowane layi da lambar kanti, da rana, da ko an yi rangwame.

Lambar kantin nan ita ce ƙashin bayan matsalar. Kanti na 262 bai ninka na 131 a komai ba. Lambar suna ce kawai, kamar lambar mota. To, yaya kwamfuta, wadda ba ta san komai ba sai lissafi, za ta yi da suna?

Cheng Guo da Felix Berkhahn sun bi hanyar da ake kira embedin. Sun ba kowane kanti jerin lambobi 10, jimilla 11,150, waɗanda da farko aka zuba su barkatai. Duk lokacin da manhajar ta yi kuskuren hasashe, sai a ɗan gyara lambobin kantin da abin ya shafa. A hankali kantunan da cinikinsu ke tafiya iri ɗaya suka matso kusa da juna. Abin da ya fi burge ni shi ne jihohin Jamus: da aka zana lambobin da manhajar ta koya musu, sai ga tsarin ya yi kama da taswirar ƙasar, alhali ba wanda ya nuna mata taswira.

Amma na uku suka zo. Wanda ya lashe gasar ya dogara ne da XGBoost, wato giradiyan bustin. Wannan hanya tambayoyi take jerowa, reshe bayan reshe kamar bishiya: Asabar ce? Akwai rangwame? Kowace sabuwar bishiya tana gyara kuskuren da na baya suka bari, har a tara ɗaruruwa.

A ganina, abin da za a fara dubawa shi ne sau nawa kowane suna ya bayyana. Kantin Rossmann ya fito kusan sau 900, ya isa a koyi lambobi 10. Wanda ya fito sau biyar kuwa, embedin haddace shi zai yi. Alamar ba ta ɓuya: kuskure na raguwa a bayanan horo, yana ƙaruwa a waɗanda aka ajiye gefe don gwaji. Sabon kanti kuma ba shi da lambobi sam, sai an tanadi gurbi na musamman ga baƙo.

Binciken Grinsztajn, Oyallon da Varoquaux na 2022 ya nuna bishiyoyi na kan gaba a jadawali mai layi wajen 10,000. Mai ƙaramin jadawali ya fara da su. Idan sunaye sun kai dubbai kuma bayanai sun yawaita, ana iya haɗa biyun: Guo da Berkhahn sun ɗauki lambobin da embedin ya koya suka ba bishiyoyi, hasashen ya ƙara kyau.