Shafin Rangwamen Sallah: Take Ya Sauya, Adireshi Yana Nan

Tun kafin a ga watan azumi, masu sayen shadda da atamfa da leshi sukan fara cigiya, domin kowa ya san idan azumi ya yi nisa tela ba ya karɓar ɗinki. Yanzu wani ɓangare na wannan cigiyar ya koma waya: mutum ya rubuta "rangwamen sallah" ko "farashin shadda" a Google, ya duba abin da ya fito. Abin da idonsa ke fara sauka a kai shi ne layin nan mai manyan haruffa da ake latsawa, wato taken shafi. Ɗan kasuwar da ke da kanti a intanet yana da abu biyu a hannunsa a nan, adireshin shafin da kuma takensa, kuma ba ɗaya ake bi da su ba.

A ce wani mai sayar da yadi a Kantin Kwari ya buɗe shafin rangwamen ƙaramar sallah a 2024, ya sa masa adireshi mai ƙarewa da `/rangwamen-sallah-2024`. Abokan ciniki sun yi ta tura linkin a WhatsApp, wata jaridar intanet ta ambace shi, Google ma ya san da shi. Da shekara ta zagayo sai ya goge shi, ya buɗe `/rangwamen-sallah-2025`. Duk wanda ya latsa tsohon linkin sai ya ci karo da saƙon 404, alamar babu shafin. Sabon kuwa baƙo ne a wurin Google: sai na'urarsa ta gano shi, ta karanta, ta shigar da shi rumbunta, sannan ya fara neman matsayi daga tushe, alhali kasuwar sallah 'yan makonni ce. Kamar mai shago ne da ke sauya layi a kasuwa duk shekara, yana kuma mamakin ina tsofaffin kwastomominsa suka shiga.

Google da kansa ya yi magana a kan haka. A 2020 ya fitar da shawarwari ga masu shafukan Black Friday, ranar rangwamen da ta samo asali daga Amurka, wadda Jumia da Konga suka yayata a Najeriya. Cikin shawarwarin akwai cewa a yi amfani da adireshi ɗaya mai dawowa kowace shekara, misali `/sale/black-friday` maimakon `/sale/2020/black-friday`, a buɗe shafin da wuri, a kuma sa linkinsa a shafin farko na kanti. Dalilin a fili yake: linkin da wasu shafuka suka yi wa adireshi yana daga cikin abin da ake auna darajarsa da shi, kuma wannan daraja tana taruwa ne idan adireshin bai motsa ba.

To mai yadin nan sai ya tsaya a kan `/rangwamen-karamar-sallah`, babu shekara a ciki. Wanda ya riga ya buɗe shafuka masu shekara bai yi asara ba: mai kula masa da shafi zai sa musu umarnin karkatarwa na dindindin, wanda ake kira 301, duk su zubo cikin adireshin nan guda. Babbar sallah kuma a ba ta nata adireshin daban, tunda mai neman kayan ɗinki ana saura mako guda azumi da mai neman tukunya ko firiza don naman layya ba buƙatarsu ɗaya ba.

Shekara tana shiga ne a take. Ga yadda zai kasance a bayan shafin:

```
<title>Rangwamen Ƙaramar Sallah 2025: Shadda, Atamfa da Leshi</title>
```

Abin da mai saye ke nema ya zo a gaba, shekara ta biyo, sannan kayan. Google yana yanke take idan ya fi faɗin fuskar waya ko kwamfuta, shi ya sa masu wannan aiki suka saba tsayawa wajen haruffa 60. Doguwar gaisuwar barka da sallah a farkon take tana cinye gurbin ne kawai. Amfanin shekarar shi ne ta tabbatar wa mai dubawa cewa rangwamen na bana ne. Amma alkawari ce: wanda ya san ba zai tuna ya sauya ta ba, gara ya bar take babu shekara da a gan shi da ta bara.

A nan ne sallah ta bambanta da Black Friday, wadda kullum a ƙarshen Nuwamba take. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana 10 ko 11, don haka sallah tana matsowa. A Najeriya an yi ƙaramar sallah ranar 10 ga Afrilu a 2024, sai 30 ga Maris a 2025. Wanda ya sa wa kansa tuni a kalanda bisa ranar bara zai makara. Ya fi dacewa a ɗaura aikin a kan watan Musulunci: a sabunta shafin ƙaramar sallah a cikin Sha'aban, na babbar sallah kuma da zarar Shawwal ya ƙare. Kada kuma a rubuta ranar idi a take, tunda sai an ga wata Sarkin Musulmi ya yi sanarwa, kuma akan samu shekarar da Nijar da Najeriya ba su yi salla rana ɗaya ba. Har ma akwai shekarar da ƙaramar sallah ke zuwa sau biyu, kamar 2000, a Janairu da Disamba. Ana sa ran haka a 2033, inda shekarar Hijira a take za ta fi raba gardama.

Sauya take kaɗai ba ya wadatarwa, kuma nan mutane suka fi yin tuntuɓe. Tun 2021 Google ya bayyana cewa ba kullum yake nuna taken da mai shafi ya rubuta ba. A 2021 ɗin ya ce yana amfani da shi a kusan kashi 87 cikin 100, sauran kuma yakan ɗauko daga babban kan rubutun shafin ko wani wuri. Ɗaya daga cikin dalilan da ya ambata shi ne take mai tsohuwar shekara alhali cikin shafin na nuna sabuwa. Saboda haka duk a taɓa su lokaci guda: take, babban kan rubutu, ɗan bayanin da ke fitowa ƙarƙashin take, hoton talla, farashi, da ranar ƙarewar rangwame. Sauya lambar shekara a bar farashin shaddar bara da kayan da suka ƙare yaudara ce, kuma kwastoma na gane ta da kira ɗaya.

Bayan gyara, a shiga Search Console, kayan aikin Google na kyauta ga masu shafuka, a liƙa adireshin a URL Inspection, a latsa Request indexing. Sauyin kan ɗauki daga 'yan kwanaki zuwa 'yan makonni kafin ya bayyana, kuma maimaita latsawa ba ya ƙara sauri. Sannan a tura wa kai linkin a WhatsApp a gani. Idan tsohon take ne ya fito, yawanci `og:title` ne aka manta, wani layi daban da WhatsApp da Facebook ke karantawa. Facebook yana riƙe tsohon na ɗan lokaci, sai an sa adireshin a Sharing Debugger an ce ya sake karantawa.

Idan sallah ta wuce ba a goge shafin. A cire shekara da alkawarin rangwame daga take, ya koma "Kayan Ƙaramar Sallah: Shadda, Atamfa da Leshi", a rubuta a sama cewa rangwamen bana ya ƙare, a bar linkin kayan da ake sayarwa kullum da wurin ajiye lambar waya ga mai son a sanar da shi idan an buɗe na baɗi. A sauke linkinsa daga shafin farko zuwa jerin ƙasa, har Sha'aban ya kama a mayar da shi sama.