Begin, Start ko Commence: Wanne Ya Dace da Takardar Neman Aiki?

Duk wanda ya zauna rubuta takardar neman aiki da Turanci, sai ya iso wurin da zai faɗi lokacin da ya fara wani aiki a baya, ko ranar da zai iya kama sabo. A nan kalmomi uku ke tsaya masa a gaba: begin, start da commence. Ƙamus ya ce duk "fara" suke nufi, shi ya sa matasanmu da yawa ke ɗaukar wadda ta fi nauyi a baki, wato commence, bisa zaton ita ce za ta burge mai ɗaukar aiki. Wannan zato yana ɓata wasiƙu masu kyau, domin kowace daga cikin ukun tana da muhallinta.

Bambancin ya samo tushe daga tarihin harshen. Begin da start 'yan gida ne, asalinsu tsohon Turanci. Start a da can tana nufin zabura ko tsalle, har yau kuma wannan motsi bai bar ta ba. Commence baƙuwa ce, daga tsohon Faransanci ta shigo, bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066 suka mai da harshensu na fada da kotu. Saboda haka ta taso a bakin alƙalai da marubutan doka, kuma can ta fi zama har yanzu. Mu a Najeriya mun gaji Turancin ofis daga zamanin mulkin mallaka, kullum muna cin karo da ita a sanarwar hukumomi da jaridu, sai kunnenmu ya ɗauka ita ce Turancin masu ilimi. A ƙasar Ingila kanta, ƙungiyar Plain English Campaign, wadda aka kafa a 1979 don yaƙi da rubutu mai sarƙaƙiya, tana ba da shawarar a sa start ko begin a madadinta.

Mu ɗauki misalin wata matashiya da ta gama bautar ƙasa, tana neman aikin akanta a wani kamfani. Ga jimloli uku daga wasiƙarta:

"I commenced my national service in 2022."
"I commenced a small poultry business."
"I am ready to commence to work immediately."

Jimla ta farko ba ta karya ƙa'idar nahawu ba, amma ta yi wa zancen nauyi, kamar wanda ya naɗa rawani don zuwa shagon ƙofar gida. Abin da take bayarwa tarihin kanta ne, kuma begin ce ta fi dacewa da wannan: "I began my national service in 2022." Kalma ce mai natsuwa, ba ta kasuwa ba, ba ta kotu ba. Tana tafiya daidai da abin da ke ɗaukar lokaci yana bin matakai, irin su karatu, horo da rayuwar aiki. Idan mutum ya rasa wadda zai zaɓa wajen ba da labarin karatunsa ko aikinsa, ya riƙe begin.

Jimla ta biyu ita ce ta fi muni, domin a nan ba maganar salo ba ce kawai. Idan mutum ya kafa abin da babu shi a da, kamar sana'a, kamfani, ƙungiya ko makaranta, start ake cewa: "I started a small poultry business." Haka ma tayar da inji, mota ko janareta. Bature ba ya cewa "begin the generator", balle "commence the car". Wannan ya shafi masu neman aikin direba, kanikanci da injiniya sosai. Wani amfanin kuma, start tana nuna cewa mutum shi ya ƙirƙiro abin da hannunsa, kuma irin wannan himma ce mai ɗaukar aiki ke nema a takarda.

Jimla ta uku tana da matsala biyu. Ta farko, commence ba ta cika son a biyo ta da "to" da aikatau ba. Masu gyaran rubutu da yawa suna ganin hakan tsohon yayi ne. Ta fi son suna, kamar "commence work" ko "commence proceedings". Ta biyu, masu ɗaukar aiki kansu start suke cewa a wannan gaɓa. A fom za a ga gurbin "Start date", a intabiyu kuma a tambayi mutum "When can you start?" Don haka gyaran shi ne: "I am available to start immediately." Idan akwai takamaimiyar rana, a ce "I can start on 1 March." A lura, "on" ke zuwa kafin rana, "in" kafin wata ko shekara.

To, ina commence take da wurin zama? Tana nan a takardun da ke ɗaure mutum da doka: kwantiragi, takardar ɗaukar aiki, yarjejeniyar haya, takardun kotu. A can za a ga "Your employment shall commence on 1 March" ko "commencement date". Idan kamfani ya aiko da irin wannan takarda, mutum na rubuta amsar amincewa, babu laifi ya maimaita kalmarsu, domin ranar ta zama sharaɗi tsakanin ɓangarori biyu. Haka idan tallar aikin kanta da commence ta yi tambaya, a amsa da ita. Amma takardar neman aiki ba kwantiragi ba ce, gabatar da kai ce ga mutumin da ke da tarin wasiƙu a gabansa, yana son ya gane magana da karatu ɗaya.

Akwai kurakurai ƙanana da ke tona asirin mai rubutu ko da ya zaɓi kalmar da ta dace. Begin tana sauya siffa uku: begin, began, begun. Ana cewa "I began" da "I have begun". Wanda ya rubuta "I have began" ya yi kuskure, kuma ido mai kula ba zai tsallake shi ba. A "beginning" harafin n biyu ne a tsakiya. A "commence" harafin m biyu ne, ƙarshenta kuma "ce", ba "se" ba. Sannan a guji "kick off" da "flag off". Na labarin ƙwallo da bikin buɗe hanya ne, ba na wasiƙa ba.

Kafin a aika takarda, a bi duk inda ɗaya daga cikin ukun ta fito, a tambayi kai me aka fara. In karatu ne ko tarihin aiki, begin. In sana'a ce, inji, ko ranar kama aiki, start. In sharaɗi ne na doka da aka sa wa hannu, commence. Wanda ya ga commence a wasiƙarsa alhali ba amsar kwantiragi yake rubutawa ba, ya cire ta ya sa mai sauƙi. Mai ɗaukar aiki ba girman kalma yake aunawa ba, yana duba ko mutum ya san inda ake ajiye kowace.