Ko Kun Sani?

Iyaye biyu masu launin wankan tarwaɗa suna iya haifar ɗa wanda ya fi su duka biyu duhu, sa'an nan su haifi ƙaninsa wanda ya fi su haske, alhali babu shubuha ko kaɗan a nasabar yaran. Sababin haka shi ne, launin fata ba ƙwayar gado guda ce take hukunta shi ba, ƙwayoyi ne masu yawa suke tarayya a kansa, kowace tana ƙara ko rage sinadarin melanin da fata take yi, kuma kowane ɗa yana karɓar rabin gadonsa daga uwa, rabi daga uba, a bisa wani rabo da ake sake shi a kowane ciki. Idan muka ƙaddara ƙwayoyi 3 ne kacal, kuma kowane mahaifi yana ɗauke da nau'in duhu da na haske a kowace, to 'ya'yansu za su iya faɗawa cikin daraja 7 na launi. Galibinsu a tsakiya, amma ɗaya cikin 64, bisa ƙiyasi, zai tattara nau'in duhu zalla. Saboda haka zargin da akan ɗora wa uwa domin launin jaririnta zalunci ne.