Rahoton odita: wane ra'ayi aka ba kamfaninki?

Idan sana'arki ta kai kin yi rajistar kamfani, wata rana banki ko mai zuba jari zai ce ki kawo rahoton odita. Odita akanta ne na waje, ba ma'aikacinki ba. Yana duba lissafin shekara, ya rubuta ra'ayinsa a kai. Kalmomi biyu ne ke rikita mutane a nan, domin a kunne kamar an juya su.

Na farko shi ne "ankwalifaid", wato ra'ayi marar sharaɗi. Wannan shi ne mai kyau. Odita yana cewa lissafin ya nuna gaskiyar halin da kamfani yake ciki, bai ga wani babban kuskure ba. Amma fa bai ce kin ci riba ba, bai kuma rantse cewa ko sisi ba a taɓa ba. Kamfanin da ya yi asara, in ya rubuta asarar daidai, zai iya samun wannan ra'ayi.

Na biyu shi ne "kwalifaid", wato ra'ayi mai sharaɗi. Kada sunan ya ruɗe ki, ba yabo ba ne. Ma'anarsa: lissafin daidai yake, in ban da abu kaza. Dalili biyu ke kawo shi. Ko dai odita ya ga kuskure mai girma an ƙi gyarawa, ko kuma ya nemi hujjar wani adadi mai girma bai samu ba.

Ga misali. Kamfaninki na man gyaɗa ya rubuta ribar naira miliyan 5. Amma a littafi akwai bashin miliyan 2 da kike bin wani ɗan kasuwa wanda ya karye shekara biyu ke nan, babu alamar zai biya. Odita ya ce a cire shi a matsayin asara. In kin yarda, riba ta dawo miliyan 3, rahoto ya fito ba sharaɗi. In kin ce a'a, zai rubuta cewa in ban da wannan bashi lissafin daidai ne, kuma an ƙara miliyan 2 a kan riba. Ma'aikacin banki zai karanta, ya tambaye ki dalili kafin a yi maganar rance.

Idan ɓarnar ta game lissafin gaba ɗaya, ta wuce sharaɗi. Odita zai ce lissafin ba daidai ba ne, ko kuma ya ƙi ba da ra'ayi sam in hujjoji ne babu.

Saboda haka in rahoto ya zo, a karanta miki sakin layin da ke ƙarƙashin ra'ayi, nan ake bayyana dalili da adadin kuɗin. Mafi sauƙi ma, tun bai sa hannu ba ki tambaye shi: "Malam, akwai abin da za ka sa wa sharaɗi? Wace takarda zan kawo?" A lokacin ne gyara yake yiwuwa.