Cigiya a Cikin Ɗigon Jini: Yadda Gwajin PCR Ke Gano Ƙwayar Cutar Lasa, da Yadda Take Kuɓuce Masa

Mutum ya kwana biyar yana zazzaɓi, ga ciwon kai, ga ciwon makogwaro, an yi masa allurar maleriya ba sauƙi. Likita ya fara zargin zazzaɓin Lasa, sai ya sa a ɗebi jini a aika ɗakin gwaji. Abin da ake nema a jinin nan ya yi ƙanƙantar da madubin likita na yau da kullum ba ya ganinsa, kuma yana nutse ne cikin tarin ƙwayoyin halittar majiyyacin kansa. Dabarar da ake zaƙulo shi da ita ana kiranta PCR. Wani masani Ba'amurke mai suna Kary Mullis ne ya ƙirƙiro ta a 1983, ya kuma sami lambar yabo ta Nobel saboda ita a 1993.

Kowace halitta tana ɗauke da rubutun da ya bayyana yadda aka gina ta, wato DNA. Haruffan rubutun huɗu ne kacal: A, T, G da C. Zare biyu ne a manne kamar haƙoran zif, kuma mannewar tana da ƙa'ida: A tana kama T, G tana kama C. Don haka in ka san abin da ke zare ɗaya, ka san na ɗayan. Aikin PCR shi ne ta zaɓi ɗan guntu daga rubutun ƙwayar cutar, ta yi ta kwafarsa har ya yi yawan da na'ura za ta gani.

A ɗan ƙaramin bututu ake zuba komai: abin da aka tace daga jini, da haruffan nan huɗu a warwatse, da sinadarin da ke yin kwafin, da wasu gajerun zare guda biyu da ake kira firaima. Na'ura ta ɗaga zafi zuwa digiri 95, zif ɗin ya buɗe. Ta sauko zuwa tsakanin 55 da 60, kowace firaima ta nemi gurbinta ta manne, ɗaya a wannan zare, ɗaya a wancan, suna fuskantar juna. Sannan mai kwafi ya kama daga bakin firaimar yana jera haruffa, kuma ya fi jin daɗin aiki a wajen digiri 72. Shi wannan mai kwafi, Taq, an samo shi ne daga wata ƙwayar bakteriya da ke rayuwa a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone a Amurka, shi ya sa zafin 95 ba ya kashe shi. Kowane zagaye yana ninka abin da ke akwai: ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu. A zagaye 30, in komai ya tafi daidai, guda ɗaya ya haura biliyan ɗaya. Ita ƙwayar Lasa da RNA aka rubuta nata bayanin, don haka sai an fara juya shi zuwa DNA, shi ne ma'anar RT-PCR da ake gani a takardar sakamako.

Mai kwafin nan ba ya zaɓe. Bai san Lasa ba, bai san ɗan Adam ba. Duk inda ya tarar firaima ta zauna, nan yake fara aiki. Ke nan duk wayon gwajin yana cikin waɗannan gajerun zare biyu, kuma mutum ne ke zama ya tsara su.

Tsara firaima kamar ba da cigiya ne a kasuwa. In ka ce yaron da ya ɓata baƙi ne siriri, rabin yaran kasuwa za a kawo maka. Haka firaima mai haruffa 10 take: jerin da za a iya yi da haruffa huɗu a gurbi goma bai wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba, alhali rubutun ɗan Adam ya kai haruffa biliyan uku. Irin wannan za ta ci karo da gurbinta sau dubbai a DNA ɗin majiyyacin, ba tare da wata cuta ba. In aka kai haruffa 20, jerin da zai yiwu ya haura tiriliyan ɗaya, dacewa bisa tsautsayi ta yi wuya. Wannan ne ya sa yawanci ake tsayawa tsakanin 18 da 25. Kuma da yake sai biyun sun zauna kusa da juna suna fuskantar juna kafin ninkawa ta kankama, tsautsayin ya ƙara nisa.

Ga wata da na tsara don misali kawai:

```
5'-ACCATGTTCAGGACTTCAGC-3'
```

Haruffa 20 ne, goma A da T, goma G da C. Riƙon G da C ya fi na A da T ƙarfi, saboda haka akwai lissafin kintace na zafin da firaima za ta fara saki:

```
Tm = 2(A+T) + 4(G+C)
```

Tamu ta ba da 20 da 40, wato digiri 60. Mai gwaji zai sa zafin mannewa ƙasa da haka kaɗan. In ya sauko sosai, a ce 45, firaimar za ta riƙa zama a wuraren da suka yi kama da gurbinta ko da haruffa uku ko huɗu sun saɓa, sai a kwafi abin da ba shi ake nema ba. In ya hau 68, ko a gurbinta na gaskiya ba za ta zauna ba. Dole kuma abokiyar aikinta ta kasance da zafi kusa da nata, tunda tukunya ɗaya suke ciki.

Haruffan nan 20 ba darajarsu ɗaya ba. Mai kwafi daga bakin da aka yi wa alamar 3' yake tashi. In saɓani ya faɗo can baya, kusa da 5', firaimar tana iya zama a ɗan karkace, aiki ya ci gaba. In kuwa a harafin ƙarshe ne ko na kusa da shi, bakin yana ɗage, mai kwafi ya rasa wurin kamawa. Masu tsarawa suna amfani da wannan da gangan: in suna son bambanta Lasa da 'yan uwanta na dangi ɗaya, irin su LCMV, sai su sa bakin firaimar ya faɗa daidai harafin da suka sha bamban.

Matsalar ita ce wannan tsantseni yana iya juyowa kan mai shi. Ka ba da cigiya dalla-dalla har da launin riga, yaro kuwa ya sauya riga, sai ya wuce ta gabanka ba a tare shi ba. Lasa ta ƙware a sauya riga. Tun da aka gano ta a 1969 a garin Lasa da ke jihar Borno ta yanzu, bincike ya nuna ba iri ɗaya ba ce. Zuriya ta biyu ta fi yawa a kudancin Nijeriya, ta uku a tsakiya da arewa, ta huɗu a Gini da Laberiya da Saliyo, ga wasu a Mali da Kwaddibuwa da Togo. Bambancin haruffa tsakanin wasu zuriyoyin yana kaiwa wajen ɗaya cikin huɗu. A firaima mai haruffa 20 da aka ɗora a wurin da bai dace ba, wannan na nufin har biyar na iya saɓawa.

Haka kuwa ta faru. A 1994 Demby da abokan aikinsa suka fitar da gwajin Lasa da ɗakunan gwaji suka daɗe suna dogara da shi, mai firaima biyu, 36E2 da 80F2. Bayan shekaru, masana a Cibiyar Bernhard Nocht da ke Hamburg a Jamus suka lura yana kasa gano wasu nau'o'in daga Laberiya da Nijeriya. Ta farkon tana zama ne a can bakin rubutun ƙwayar, wurin da kusan ba ya sauyawa, don haka ita ba ta da laifi. Ta biyun ce ke faɗawa inda nau'o'in suka saɓa. Sai suka jera rubutun nau'o'i 62 daga ƙasashen da cutar take, suka nemi wurin da aka fi yin tarayya, suka sake tsara ta biyun, aka buga aikin a 2010. A ganina laifin ba na masu aikin 1994 ba ne. Da abin da ke hannunsu suka yi aiki, kuma rubutun da aka karanta a lokacin kaɗan ne.

Irin wannan kuskure ba ya zuwa da ƙara, shi ya sa yake da haɗari. Na'urorin yanzu suna auna haske a kowane zagaye, su ba da lambar zagayen da hasken ya fito fili, wadda ake kira Ct. Ƙaramar lamba na nufin ƙwayar tana da yawa. Kowane ƙarin zagaye uku da ɗan abu daidai yake da raguwa ninki goma. A ce saɓanin harafi ya jinkirta aikin da zagaye bakwai. Majiyyacin da jininsa ya cika da ƙwayar, wanda ya kamata ya fito a 22, zai fito a 29, a ce yana da ita, ba wanda zai lura da komai. Wanda ke farkon ciwo, da ya kamata ya fito a 35, sai a 42, alhali an rufe lissafi a wajen 40. Takardarsa za ta ce babu. Shi ne kuma wanda magani zai fi yi wa amfani, shi ne za a mayar ɗakin kowa da kowa, ma'aikatan jinya su taɓa shi ba kariya.

Akwai hanyoyin toshe wannan kafa. Inda nau'o'i suka saɓa a harafi ɗaya, ana haɗa firaima gauraye, a rubuta R inda zai iya zama A ko G, a rubuta Y inda zai iya zama C ko T. Amma in gaurayen ya yi yawa, an koma cigiyar baƙi siriri. Kafin a yi oda, ana zuba jerin a manhajar BLAST a ga ko ya dace da wani abu a jikin mutum ko ƙwayar maleriya. Ana duba kada bakunan firaimomin biyu su dace da juna, don sukan manne su yi ta kwafar kansu. Alamar hakan ita ce haske ya tashi a makare a bututun da ruwa zalla aka zuba. Mafi ƙarfi duka shi ne neman wuri biyu lokaci guda. Rubutun Lasa kashi biyu ne, S da L, kuma ana yin gwaje-gwajen da ke neman guntu a kowanne, don in ɗaya ya kuɓuce ɗayan ya kama. An ga amfanin haka a korona: nau'in Alfa a ƙarshen 2020 da Omikron a Nuwamba 2021 sun zubar da haruffa shida a wani wuri, gwajin TaqPath ya daina ganin wannan wurin, amma sauran wurare biyu da yake nema suka ci gaba da kamawa.

Firaima ba ta sanin abin da ba a nuna wa mai tsara ta ba. Muddin ba a karanta rubutun ƙwayoyin da ke yawo a Bauci da Taraba da Filato ana zuba su a rumbun da masu tsarawa ke dubawa, cigiyar wani yaron daban ake bayarwa. Shi kuma likitan da ke gaban majiyyaci, in alamu sun nuna Lasa amma sakamakon farko ya ce babu, kada ya sassauta kariya. A sake ɗibar jini bayan kwana biyu ko uku, a sake gwadawa.