JINYAR MAHAIFA A GIDA: KADA A BAR WA MUTUM ƊAYA

Jinya iri biyu ce. Akwai ta kwana bakwai, kamar ta zazzaɓi, wadda mutum zai daure ya yi ta wuce. Akwai kuma ta wata da watanni, wani lokaci har shekaru, kamar ta tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye. Irin wannan doguwar jinya takan kwantar da mutum biyu a gida ɗaya: maras lafiya, da mai kula da shi. Amma idan aka san aikin, aka kuma raba shi, ana iya tsare lafiyar su duka biyun.

A ɗauki misalin wani gida a Dandin Mahe, cikin Ƙaramar Hukumar Shagari. Tsohuwar gidan ta daɗe da hawan jini. Wata safiya aka ga bakinta ya karkace, magana ta ƙi fita, hannu da ƙafar dama sun mutu. Aka kai ta asibiti a Sakkwato, ta yi kwanaki, aka sallamo ta. Ga ta kwance a ɗaki, ba ta iya juyawa da kanta. Tana da 'ya'ya uku: namiji babba manomi da matarsa a gidan, ƙanensa yana ci-rani a Kudu, sai 'ya mace da ta baro ɗakinta ta zo jinya. Kowa ya ce, "Ai ga 'yarta nan ta zo." Aka sakar mata komai.

ME YA SA AIKIN YA FI ƘARFIN MUTUM ƊAYA?

Amsar tana cikin lissafi. Wanda ba ya iya motsi, ana son a riƙa juya shi kamar bayan kowace awa biyu, dare da rana. Yini da kwana awa 24 ne. Ke nan juyi 12 a kowace rana. Shi kuwa babban mutum, jikinsa yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye. Wadda za ta tashi ƙarfe 10, da 12, da 2, da 4 na dare, sannan ta wayi gari da wanki da girki, ina ta ga barci? Ba ragwanci ba ne idan ta gaza. Aikin ne ya fi ƙarfinta.

Dalilin juyin shi ne gyambon kwanciya. Idan mutum ya daɗe kwance a gefe ɗaya, nauyinsa yana danne fata a kan ƙashi, jini ya kasa zuwa wurin, sai naman ya fara mutuwa. Wuraren da aka fi samunsa su ne ƙasan baya wajen tsatso, da kwatangwalo, da dunduniya, da idon sawu, da kafaɗa.

A duba waɗannan wurare kullum lokacin wanka, cikin haske. A baƙar fata ba lalle a ga ja ba. Abin da za a lura da shi shi ne wuri ya fi sauran fata duhu, ko ya yi zafi, ko tauri, ko ya yi laushi fiye da kima. Da an ga haka, kada a sake kwantar da ita a kan wurin, kuma kada a murza shi. Idan fata ta fashe, a nemi ma'aikacin lafiya. Kada a barbaɗa toka, ko garin ƙwaya, ko garin itace. Idan wurin ya fara wari ko ruwa, ko zazzaɓi ya shigo, a koma asibiti a ranar.

Fitsari da gumi suna saurin lalata fata, musamman a bazara, daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin ƙasar Sakkwato kan wuce awo 40. A sa katifa mai laushi maimakon tabarma. A shimfiɗa leda a kan katifar, a ɗora zane a kan ledar, kada fata ta taɓa leda. Da zane ya jiƙe, a canza shi.

YADDA ZA A JUYA TA BA A KARYA BAYA BA

Ciwon baya shi ne ciwon farko da yake kama mai jinya. Yana zuwa ne daga sunkuyawa a ɗaga mutum da ƙarfin ƙugu. Ga hanyar da ta fi sauƙi:

A ninka zane mai ƙwari biyu, a shimfiɗa shi a ƙarƙashinta tun daga kafaɗa har zuwa cinya, ya zauna nan kullum. Idan za a juya ta, a fara gaya mata: "Inna, za a juya ki." A ɗora hannuwanta a ƙirji, a tanƙwara gwiwar ƙafar da za ta koma sama. Mai jinya ta tsaya a gefen da tsohuwa za ta fuskanta, ko ta durƙusa idan katifar a ƙasa take. Sai ta kama bakin zanen na can gefe, ta jawo shi a hankali. Tsohuwa za ta mirgino da kanta, ba tare da an ɗaga ta ba. A tokare bayanta da matashi, a sa wani matashin tsakanin gwiwoyinta, a ɗora mataccen hannun a kan wani.

Abu biyu ne ba a yi. Ba a jan mataccen hannu, domin kafaɗar ta saki, tana iya gocewa ta bar mata ciwo mai tsanani. Kuma mutum ɗaya ba ya ɗaga ta daga ƙasa. Idan za a zaunar da ita ko a fitar da ita shan iska, a zama mutum biyu, kowa ya tanƙwara gwiwa, ya miƙe bayansa, ya tashi da ƙarfin cinya.

ABINCI DA MAGANI

Ciwon shanyewar jiki yakan taɓa maƙogwaro. Kada a ba ta abinci ko ruwa tana kwance, ko tana gyangyaɗi. A zaunar da ita sosai, a ba ta da ƙaramin cokali, a jira ta haɗiye kafin a ƙara. Bayan ta gama, ta zauna kamar rabin awa. Idan tana yawan ƙwarewa, ko muryarta ta koma kamar da ruwa a wuya, a gaya wa likita. Abincin da ya bi hanyar iska yana jawo ciwon huhu.

Maganin hawan jini ba ya ƙarewa don an ga sauƙi. Barinsa yana iya dawo da ciwon karo na biyu. Idan ana son haɗawa da maganin gargajiya, a sanar da likita tukuna. A rage gishiri da dunƙule a miyar gidan gaba ɗaya, don kada mai jinya ta riƙa ɗora tukunya biyu. Motsa hannu da ƙafar da suka mutu kuwa, akwai masu koyar da shi a sashen gashi na manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Ranar komawa asibiti, a tafi da mutum biyu su koya.

YADDA AKA RABA AIKIN

A gidan da aka kawo misali, bayan wata biyu 'yar ta rame. Ba ta cin abinci sai a tsaye. Wata rana tsohuwa ta zubar da kunu, ta daka mata tsawa, sannan ta koma bayan ɗaki tana kuka. Yayanta ya gan ta. Da dare ya tara gidan, aka raba aikin kamar haka.

Da rana ba a buƙatar agogo. Ana juyi da asuba, da hantsi, da walaha, da rana tsaka, da azahar, da la'asar, da magariba, da lisha. Juyi takwas ke nan. 'Yar ta ɗauki na safe har zuwa azahar. Matar yayanta ta ɗauki na la'asar zuwa lisha. Sauran juyi huɗu na dare, babban ɗan ya ɗauki na ƙarfe 10 da na 12. Na ƙarfe 2 da na 4, matan biyu suka riƙa karɓa-karɓa, yau wannan gobe waccan. Da haka kowacce tana samun cikakken barci dare ɗaya cikin biyu, wadda ta tashi kuma ta rama da rana.

Jikoki aka ba su ɗebo ruwa da zama da Kaka suna yi mata hira. Na ci-rani aka ɗora masa kuɗin magani da sabulu, aka yanka masa abin da zai riƙa aikowa kowane wata. Aka kuma ware wa 'yar rana ɗaya a mako, ta je ɗakinta, ko makarantar Islamiyya, ko biki, wata ƙanwar tsohuwar ta zauna a madadinta.

Masu zuwa dubiya sukan ce, "Ko akwai abin da za a taimaka?" Kada kunya ta sa a ce babu. A faɗi abu ɗaya ƙarami: "Ki zauna da Inna in ɗan runtsa," ko "Ki tafi mini da wannan wanki."

ALAMUN MAI JINYA TA FARA GAZAWA

Gajiyar yau da kullum tana tafiya idan an yi barci. Wadda ba ta tafiya ita ce abin tsoro. A lura da waɗannan: barci ya ƙi zuwa ko da an samu dama, abinci ya fita daga rai, saurin fushi, kuka ba dalili, gudun mutane, da jin cewa komai ba shi da daɗi. Idan irin wannan ya kai mako biyu kusan kullum, yana iya zama ciwon damuwa. Ciwo ne kamar sauran ciwo, ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne, kuma yana da magani. A fara da asibiti mafi kusa. Idan abin ya yi nauyi, akwai asibitin Gwamnatin Tarayya da ke Kware, wanda aikinsa ke nan. Idan kuwa ta fara cewa gara ta mutu, ko ta ji hannunta yana son kai wa tsohuwa duka, kada a jira. A karɓe ta daga jinya a ranar, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta ga likita.

Jin haushi wani lokaci ba ya nufin ba ta son mahaifiyarta. Shi ma ciwon yakan sa tsohuwa faɗa ko kuka ba da son ranta ba, domin a ƙwaƙwalwa ya taɓa ta. Idan rai ya ɓaci, a tabbata tana kwance lafiya, a fita tsakar gida a sha ruwa, a huce, sannan a dawo.

Hawan jini yana bin dangi. Duk ranar da aka kai tsohuwa awo, mai jinya ma ta miƙa hannu a auna ta. Idan awon yana kai 140 bisa 90 ko fiye a ranaku dabam-dabam, ita ma tana buƙatar ganin likita. Ta guji ƙwayoyin ciwon jiki na 'yan talla. Wasunsu suna ƙara hawan jini, suna cin ciki, wasu kuma suna kama mutum ya kasa bari.

Masu magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk gidan da ke da tsoho a kwance, kada su jira sai mai jinya ta faɗi. Yau da dare, bayan lisha, a zauna a ƙirga juyi 12, kowane juyi a san mai shi.